Wane Suna Kake Kiran Shafinka? Fashin Baƙi Kan Rubutun Mahaɗin Cikin Gida

Duk wanda ya taɓa tsayawa neman mota a Kwangila, a Zariya, ya san yadda kwandasta ke kiran fasinja. Zai leƙo ta ƙofa yana cewa "Samaru! Samaru!" ko "Sabon Gari!" ko "Tudun Wada, Ƙofar Doka!" Tun kafin ka sa ƙafa ka san inda motar ta nufa. Da a ce duk motocin da ke wurin kiran da suke yi ɗaya ne, "shigo nan, shigo nan", da baƙo sai ya shiga mota uku kafin ya dace da tasa. Ɗan gari ma da ya san hanya sai ransa ya ɓaci.

Haka mahaɗi yake a shafin intanet, wato linkin da ake dannawa ya kai mutum wani shafi. Yana da adireshi, wanda ke ɓoye a ƙarƙashi, yana kuma da rubutun da ido ke gani, galibi shuɗi ko mai ja-layi. Wannan rubutun shi ne kiran kwandasta. A harshen HTML ga yadda yake:

```html
<a href="/aska-takwas/">babbar riga mai aska takwas</a>
```

Abin da ke cikin `href` shi ne adireshin. Abin da ke tsakanin `<a>` da `</a>` shi ne rubutun mahaɗi, wanda masu wannan sana'a ke kira `anchor text`. Maganata a nan kan mahaɗin cikin gida ce kawai, wanda ke tashi daga wani shafi na gidan yanarka ya sauka a wani shafin naka. Mahaɗin da wasu suka yi maka daga waje, su suka zaɓi kalmominsa, ba ka da ta cewa. Na cikin gida kuwa kai ke rubuta kowane harafi, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Injin bincike ya daɗe yana sauraren wannan kiran. A shekarar 1998, lokacin da Sergey Brin da Larry Page suna ɗalibai a Jami'ar Stanford, sun rubuta maƙalar da ta bayyana yadda Google ke aiki. A ciki sun faɗi cewa injinsu ba ya barin rubutun mahaɗi a shafin da aka rubuta shi kaɗai, yana jingina shi ga shafin da mahaɗin ya nufa, domin sau da yawa rubutun mahaɗi ya fi shafin kansa iya bayyana abin da shafin ya ƙunsa. Ma'ana, abin da ake kiran shafi da shi yana zama wani ɓangare na shaidarsa. Akwai hujjar da tsofaffin masu sana'ar suka sani: shekaru da dama, in ka rubuta `click here` a Google, shafin sauke manhajar Adobe Reader ne ke fitowa a sahun gaba. Shafin ba maganar dannawa yake yi ba. Dubban gidajen yana ne suka yi ta nuna shi da waɗannan kalmomi biyu har suka zame masa laƙabi. Google ya canza ƙwarai daga wancan zamani, amma har yau jagorar da yake wallafa wa masu gidajen yana tana cewa rubutun mahaɗi yana gaya wa mutane da Google wani abu game da shafin da aka nufa. Bahaushe ya ce suna linzami ne, kuma a nan maganar ta zauna daram.

Ni a shagon kawuna na ga wannan da idona. Yana da shagon ɗinki a cikin birnin Zariya, inda ake yin manyan riguna na aikin hannu, irin wanda mata da maza ke zama makonni a kan wuyan riga ɗaya da allura da zare. Ni na buɗe masa gidan yana a kan WordPress, ni kuma nake kula da shi. Ba babba ba ne, shafuka sittin da 'yan kai. Akwai shafin sayarwa, inda hotunan riguna suke da farashi da lambar waya. Akwai shafin aska takwas da na aska biyu, akwai na huluna, akwai bayanin yadda mai saye zai auna kansa in yana nesa, akwai na wanki da bugu. Sai kuma wani dogon rubutu da na yi kan tarihin babbar riga a ƙasar Zazzau, wanda na ba shi lokaci sosai.

Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, Kawu ya kira ni shago. Ya ce, "Ɗana, wani bawan Allah ya zo daga Kaduna jiya. Ya ce ya neme mu a waya ya ga sunanmu, amma da ya shiga sai ya tarar da labarin sarakuna, babu farashi, babu lamba. Sai da ya tambayi wani ɗan'uwansa a Tudun Wada aka yi masa kwatance." Na ce, "Kawu, ai shafin farashin yana nan." Ya ce, "Yana nan a wurinka. Shi bai gan shi ba."

Abin da na fara yi shi ne tabbatar da maganar. A Google Search Console, wanda kyauta ne ga duk mai gidan yana, akwai rahoton `Performance`. In ka tace shi da kalmar bincike, misali `babbar riga`, sannan ka danna `Pages`, zai nuna maka wane shafinka ne Google ke fitarwa idan an nemi wannan kalmar. Na duba, sai ga shi kuwa: shafin tarihi ne ke kwashe kusan dukkan fitowar, shafin sayarwa yana can ƙasa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan ita ce alamar farko da ya kamata mutum ya iya ganewa. Idan Google yana kawo gidanka amma yana shigo da baƙo ta ƙofar da ba ita ba, ko kuma yau wannan shafi gobe wancan a kan kalma ɗaya, to ka duba sunayen da kake kiran shafukan da su.

Search Console yana da rahoton `Links`, kuma a ciki akwai `Internal links` da ke ƙirga mahaɗai nawa ne ke shiga kowane shafi. Amma jerin rubutun mahaɗi da yake bayarwa, `Top linking text`, na mahaɗan waje ne kawai. Don ganin na cikin gida sai da wata manhaja mai bin shafuka ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Googlebot, manhajar Google mai zagaya shafuka, ke yi. Na yi amfani da Screaming Frog SEO Spider, wadda ke bin adireshi har 500 kyauta, kuma hakan ya ishi ƙaramin gida irin namu. Ka sa adireshin gidan, ta gama zagaye, ka zaɓi shafi, ka buɗe `Inlinks` a ƙasa, sai ga kowane mahaɗi da ke shigowa da rubutunsa a layin `Anchor Text`.

Na ware mahaɗan jerin sama da na ƙasan shafi, waɗanda ke maimaituwa ko'ina, na ƙirga na cikin rubutu kawai. Shafin sayarwa yana da mahaɗai 22. Goma sha uku daga ciki "danna nan" ne ko "duba nan". Shida hotuna ne da ake dannawa, babu wani rubutu tare da su. Ukun da suka rage suna cewa "kayanmu". Ko ɗaya babu wanda ya ambaci riga. Shafin tarihi kuma yana da mahaɗai 17, kuma dukkansu rubutunsu ɗaya ne: "babbar riga". Dalili shi ne, duk inda na rubuta babbar riga a wani shafi, sai in ga ya dace mai karatu ya san asalinta, sai in ɗaura kalmar ga rubutun tarihi. Da hannuna na shaida wa Google sau goma sha bakwai cewa shafin babbar riga a gidan nan shi ne na tarihi, ban kuma taɓa gaya masa ko sau ɗaya abin da ake sayarwa a ɗayan ba. Abin da na faɗa masa shi ya bi.

A nan ne nake ganin yawancin masu ba da shawara suna tsayawa rabin hanya. Suna cewa ka daina rubuta "danna nan", kuma gaskiya ne. Amma "danna nan" ɓarnarsa ita ce bai faɗi komai ba. Wanda ya fi shi ɓarna shi ne suna mai kyau da aka ba shafin da ba shi ne mai sunan ba, domin wannan ya faɗi wani abu, kuma abin da ya faɗa ya karkatar da baƙo. Saboda haka aikin ba daga mahaɗi yake farawa ba. Daga raba suna yake farawa: kowane shafi mai muhimmanci a san abin da ake kiransa, kuma kada shafi biyu su yi tarayya a suna ɗaya.

Na ɗauki takarda na koma shago, domin Kawu ya fi ni sanin abin da mai saye ke faɗa in ya shigo. Na tambaye shi, "Kawu, in mutum ya zo sayen riga, me yake cewa?" Ya ce ba wanda ke cewa a nuna masa kaya. Cewa ake yi "ina son babbar riga aikin hannu", ko a kira aikin da sunansa, aska takwas ko aska biyu ko malum-malum, ko a tambaya "nawa ne ta shadda?" Daga bakinsa na rubuta sunayen. Shafin sayarwa ya karɓi "babbar riga aikin hannu" da abin da ya yi kama da haka. Shafin tarihi aka bar masa "tarihin babbar riga a Zazzau", kuma na yi wa kaina doka cewa duk mahaɗin da zai je can sai kalmar tarihi ko asali ta fito a cikinsa.

Sai gyaran jimloli, wanda shi ne ya fi cin lokaci. Ba a cire "danna nan" a cusa wata kalma a gurbinsa, jimlar ce ake sake ginawa. Ga yadda wata take a shafin huluna, da yadda ta koma:

```html
Don ganin rigunan da suka dace da hular, <a href="/babbar-riga/">danna nan</a>.

Hular ta fi fitowa a kan <a href="/babbar-riga/">babbar riga aikin hannu</a> mai zare kalarta.
```

Ka lura a ta biyun babu umarni ko kaɗan. Sunan abin ne ya zama ƙofa. Mai karatu ya riga ya san rubutu mai launi ana danna shi, ba ya bukatar a gaya masa.

Akwai gwaji mai sauƙi da jagorar Google ta bayar, kuma shi nake amfani da shi har yau: ka karanta rubutun mahaɗin shi kaɗai, ba tare da jimlar da ke kewaye da shi ba, ka ga ko za ka iya faɗin abin da za ka tarar. Don yin wannan a shafi guda ba sai da wata manhaja ba. A kwamfuta, ka buɗe shafin a Chrome, ka danna F12, ka shiga `Console`, ka liƙa wannan, in kuma Chrome ya hana liƙawa ka fara rubuta `allow pasting` ka danna Enter:

```js
console.table([...document.links].map(a => [a.innerText.trim(), a.pathname]))
```

Zai jero maka kowane mahaɗi da inda ya nufa. Duk layin da ka ga babu rubutu a gefen hagu, ko ka ga rubutu ɗaya yana zuwa adireshi biyu daban, ka sa masa alama. Wannan jerin, af, kusan shi ne abin da makaho ke ji idan ya sa manhajar karanta allo ta lissafo masa mahaɗan shafi. In duk "danna nan" ne, haka za ta yi ta maimaita masa, bai san wanne zai bi ba. Gyara ɗaya ne ke amfanar shi da injin bincike.

A wannan gwajin ne na gane wata matsala da ta shafe mu masu rubutu da Hausa fiye da wasu. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka kalma ɗaya a rubuce tana ɗauke da ma'ana biyu ko uku, kuma jimla ce ke raba gardama. In ka tsame kalmar ka mai da ita mahaɗi ita kaɗai, ka raba ta da abin da ke fassara ta. Ina da mahaɗi da ke cewa "awo" kawai. Awon me? Na riga, na hatsi, ko awon ciki a asibiti? Ina da "bugu", wanda a wurin maɗinki yana nufin a doke riga da ƙota har shadda ta yi ƙyalli, amma a wurin kowa yana nufin duka. Ina da "aska", wadda in ba a ce takwas ba, wanzami za a tuna. Wanda ke sayar da kayan dukanci yana da irin wannan da "fata", mai injin niƙa yana da ita da "gari". Don haka a Hausa kalma ɗaya tak ba kasafai take isa ta zama rubutun mahaɗi ba. "Awo" ya koma "yadda za ka auna kanka don babbar riga", "bugu" ya koma "wanki da bugun shadda", "aska" ta koma "aikin aska takwas". A gwajina, kalma uku zuwa takwas ne inda abin ya fi zama daidai. Ƙasa da haka ma'ana na rawa, sama da haka kuma jimla ce guda ta koma shuɗiya, ido ya rasa inda zai tsaya, yatsa kuma a waya ya yi ta danna ta bisa kuskure.

Sai maganar haruffa masu ƙugiya. A tsarin Unicode, ɗ harafi ne mai zaman kansa, ba d ba ce da aka ɗora wa alama, haka ma ƙ da ɓ. Mu muna rubuta "ɗinki", amma mai saye da ke latsa wayarsa galibi `dinki` zai rubuta, wani ma `d'inki`. Haka sunan garin: mu mu ce Zariya, mai bincike ya rubuta `Zaria`, wani ya ce Zazzau. Kada ka ɗauka cewa injin zai haɗa su duka a kowane hali. Ka nemi kowace siga a Google ka ga ko sakamakon ya zo ɗaya, sannan ka duba `Queries` a Search Console ka ga wadda mutanenka suka fi rubutawa. Ni dai matsayata ita ce ban yarda a lalata rubutun Hausa don neman fitowa a bincike ba. A cikin jimla ina rubuta ƙugiya yadda ta dace, adireshin shafi kuma ina barinsa babu ƙugiya, kamar `/dinkin-hannu/`. Inda kuma akwai zaɓi tsakanin kalmomi biyu da duk mutane ke faɗa, nakan fi karkata ga wadda ba ta da wannan rikici. "Aikin hannu" babu ƙugiya a cikinsa, kuma shi ne ma Kawu ya ce an fi faɗa.

Hotuna shida da na ambata suna da nasu gyaran. Idan hoto ne mahaɗin, Google yana ɗaukar abin da ke cikin `alt`, wato rubutun da ke bayyana hoton, a matsayin rubutun mahaɗi. Nawa duk fanko ne, wato ƙofofi shida babu suna. Ga yadda ɗaya ta koma:

```html
<a href="/babbar-riga/"><img src="riga12.jpg" alt="farar babbar riga aikin hannu"></a>
```

A gidan yanar da hoto ne jarinsa, kamar na maɗinki ko mai sayar da takalma, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yawancin dannawa a kan hoto ake yin ta. Haka kuma a tabbata mahaɗin na gaske ne, wato `<a>` mai `href`. Wasu maɓallan ado da ake ginawa da `onclick` kaɗai suna kai mutum inda ake so, amma Google ya faɗa a fili cewa abin da yake iya bi da tabbaci shi ne `<a>` mai `href`. In babu shi, duk kyan rubutun da ke kan maɓallin bai isa ga shafin da aka nufa ba.

Kalmar "Kayanmu" da ke jerin sama ita ma na canza ta zuwa "Manyan Riguna". Gyara ne na minti ɗaya, amma ya shafi kowane shafi a gidan, tunda jerin yana fitowa ko'ina. Sai dai jerin sama wuri ne matsattse, kalma biyu yake ɗauka, kuma babu jimla a gefensa. Mahaɗin cikin rubutu shi ne ke da sarari, kuma kalmomin da ke gabansa da bayansa su ma suna taimaka wa injin fahimtar inda aka dosa. Shi ya sa ba a jera mahaɗai uku ko huɗu a manne da juna babu kalma a tsakani. Kowanne yana cinye wa ɗan'uwansa mahallinsa, mai karatu ma bai san inda ɗaya ya ƙare wani ya fara ba.

Akwai tambayar da duk wanda ya kai nan zai yi: to in rubuta "babbar riga aikin hannu" a duk wurare ashirin da biyun? A'a. Ba don tsoron wani hukunci ba ma, sai don ba haka mutum ke magana ba, kuma kana asarar dama. Shafin sayarwa yana amsa tambayoyi da yawa, kowane mahaɗi kuma yana iya haska gefe guda. A shafin huluna na ce "babbar riga aikin hannu". A ƙarshen rubutun tarihi na ce "manyan rigunan da muke ɗinkawa a Zariya". A shafin awo na ce "farashin babbar riga ta shadda". Lafazi ya bambanta, amma duk wanda ya ji ya san gida ɗaya ake nufi, kamar yadda mutum ɗaya ake kiransa Malam a makaranta, Baba a gida, Alhaji a kasuwa. Abin da ba a yi shi ne a ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan sunaye a kira maƙwabcinsa da shi.

Wuce gona da iri kuma yana nan, na kuma sha ganinsa a gidajen yanar 'yan kasuwa. Sai ka ga mahaɗi yana cewa "babbar riga Zariya babbar riga Kaduna babbar riga mai araha sayi babbar riga". Wannan cusa kalmomi ne, kuma yana cikin abin da dokokin Google suka lissafa a matsayin maguɗi. Ko babu doka ma, mai saye da ya ga haka ya san ba da shi ake magana ba. Hanyar ganewa ita ce ka karanta jimlar da ƙarfi. In ba za ka iya faɗarta ga mutumin da ke zaune a benci a shagonka ba, to ba ta yi ba. Saboda wannan dalilin ne ban son ƙananan manhajojin da ke mai da kowace kalma mahaɗi kai tsaye duk inda ta fito. Kuskuren da na yi da hannu sau goma sha bakwai, su za su yi shi sau ɗari cikin daƙiƙa, ba kuma su san bambancin askar riga da ta wanzami ba.

Wani abin lura ga masu dogaro da Lighthouse, ma'aunin da ke cikin Chrome. Yana da gwajin da ke kama mahaɗai marasa bayani, amma yana yin haka ne ta hanyar kwatanta rubutun da wani jerin kalmomi na Turanci da wasu harsuna kaɗan, kamar `click here` da `read more`. "Danna nan" da "ci gaba da karatu" za su wuce ta gabansa ya ba ka launin kore, alamar ka ci gwajin. Koren nan bai wanke ka ba, sai ka duba da idonka.

Na gama gyaran cikin kwana uku. Daga cikin mahaɗai 17 na shafin tarihi, huɗu kawai na bari, inda maganar asali ta taso da gaske, na sa musu kalmar tarihi. Tara na juya su zuwa shafin sayarwa, huɗu kuma na cire su gaba ɗaya domin ba su da aikin yi a wurin. Ban taɓa take ko rubutun shafukan biyu ba a wannan zagaye, in ban da mahaɗai, don in ga abin da mahaɗai kaɗai za su yi. Abu ɗaya na ƙara: lambar waya a ƙasan kowane shafi, saboda baƙon Kaduna na gaba.

Sakamako ba ya zuwa washegari. Sai Googlebot ya sake ziyartar shafukan da mahaɗan ke ciki, ba shafin da aka nufa kaɗai ba, kuma ƙaramin gida ba kullum ake leƙa shi ba. A `URL Inspection` na Search Console za ka ga ranar da aka ziyarci shafi ta ƙarshe, kana kuma iya danna `Request indexing` ga 'yan shafukan da suka fi muhimmanci. Mu sai bayan kamar mako shida, Sallah ta riga ta wuce, sannan na ga shafin sayarwa ya karɓe kalmar babbar riga a rahoton `Pages`, shafin tarihi kuma ya koma fitowa ga masu neman tarihi da asali, inda ya dace da shi tun farko.

Matsayinmu a tsakanin sauran gidajen yana bai wani motsa sosai ba, kuma ya kamata a faɗi wannan. Rubutun mahaɗin cikin gida ya fi ƙarfi wajen nuna wa injin wane shafi ne na wace magana a cikin gidanka. Ba ya mai da ƙaramin shago ya haye kan manyan kasuwannin intanet, ba ya kuma rufa wa shafin da babu komai a ciki asiri. In mahaɗi ya ce "farashin babbar riga ta shadda" mutum ya shiga bai ga farashi ba, ka yi masa alkawari ka saɓa, kuma injin ma yana karanta shafin da kansa ya ga abin da ke ciki. Sunan da ke kan mahaɗi, da taken shafin, da abin da ke jikinsa, dole bakinsu ya zo ɗaya. Google ma yakan ɗauko rubutun mahaɗan da ke nuna shafi ya yi amfani da shi wajen tsara taken da yake nunawa a sakamakon bincike, musamman in taken da ka sa bai bayyana komai ba. Wato kalmar da ka rubuta a wani lungu na gidanka tana iya zama abin da baƙo zai fara gani.

Takardar sunayen nan tana nan, na mai da ita jadawali, kowane layi mai gurbi uku: adireshin shafi, sunan da ya mallaka, da kalmomin da ba a yarda a kira shi da su ba. Duk sabon shafi sai ya sami layinsa kafin a wallafa shi, sannan in koma tsofaffin shafuka biyu ko uku in buɗe masa ƙofa daga can, domin shafin da babu mahaɗin da ke shiga cikinsa ba shi da mai kiran sunansa ko ɗaya. Watan jiya Kawu ya fara karɓar aikin alkyabba. Kafin in ɗauki hoto ko ɗaya, na zauna a bencin shagon na tambaye shi, "Kawu, masu zuwa nemanta me suke cewa?" Ya ce yawanci ko dai ta naɗin sarauta ake nema ko ta amarya, kuma ba aiki ɗaya ba ne, ba kuɗi ɗaya ba ne. Sai na buɗe layi biyu a jadawalin.